Yadda za a haɗa awannin aiki a Excel: bayani ga shugabannin ma'aikatan dare da na rana

Daga wannan mako kowa zai riƙa cike takardar awanni da kansa. Tsarinta: rana a ginshiƙin A, lokacin shiga a B, lokacin tashi a C, hutu a D, awannin da aka yi a E. Ku rubuta lokaci da ɗigo biyu, kamar 22:00, hutun rabin awa kuma 0:30.

Excel yana ɗaukar lokaci ne a matsayin yanki na kwana ɗaya. A wurinsa 12:00 tana nufin 0.5, 06:00 kuma 0.25. Duk wanda ya riƙe wannan, sauran ba zai ba shi wahala ba.

Ga mai aikin rana, `=C2-B2-D2` ta wadatar. Matsalar tana wajen na dare. Wanda ya shiga 22:00 ya tashi 06:00, lissafinsa zai faɗa ƙasa da sifili, sai akwatin ya cika da ####. Saboda haka ku sa wannan a E2, ku sa wa akwatin tsarin lokaci `h:mm`, ku ja ta zuwa ƙasa, don tana yi wa kowa aiki:

```
=IF(COUNT(B2:C2)=2,MOD(C2-B2,1)-D2,"")
```

MOD ce ke gyara tsallaken tsakar dare, ta ba da 8:00, a cire hutu ya rage 7:30. COUNT kuwa gadi take yi. In ba ita, ranar da wani ya manta bai rubuta lokacin tashi ba, Excel zai ɗauka ƙarfe goma sha biyun dare ya tashi, ya ba shi awannin da babu wanda ya tabbatar. Haka nan idan lokacin ya shiga a matsayin rubutu, ba lamba ba, E za ta zauna fayau. Irin wannan yakan maƙale a gefen hagu na akwati; a goge a sake rubutawa.

Jimillar mako tana E7:

```
=SUM(E2:E6)
```

A nan aka fi yin tuntuɓe. Kwana biyar na 7:30 awa 37:30 ke nan, amma za ku ga 13:30, domin da an cika awa 24 agogon yake komawa farko. Lissafin bai ɓaci ba, yadda ake nuna shi ne kawai. Ku danna Ctrl+1, ku zaɓi Custom, ku rubuta `[h]:mm`.

Kafin a miƙa wa masu biyan albashi, ku sa `=E7*24` a F7, ku mayar da akwatin Number. Zai nuna 37.50, ba 37.30 ba, tunda minti 30 rabin awa ne. Wannan lambar ce ake ninkawa da kuɗin awa.

Wanda ya yi awa 24 ko fiye a jere, MOD ba za ta kama shi ba. A rubuta masa kwanan wata tare da lokaci a B da C, a yi amfani da `=C2-B2-D2`, a sa wa akwatin `[h]:mm`.