Gonar Mahaifinmu

Kwana arba'in da rasuwar mahaifinsu, Yaya ya kira ƙaninsa zauren gidansu na Gwale bayan sallar Isha'i. Maganar gonar da ke hanyar Dawakin Tofa ce, kadada huɗu, gadon da har yanzu ba a raba ba.

"Dillali ya zo rumfata a Kantin Kwari," in ji Yaya. "Gari ya kusa cinye wurin, za a yanka filaye. In muka sayar, kowa ya samu jari."

Ƙanin ya sunkuyar da kai. "Yaya, ka gafarce ni. Kuɗi ƙarewa suke, ƙasa kuwa tana nan. Bara buhu talatin na dawa Baba ya ɗebo, ban da wake da gyaɗa. Shi muke ci har yau."

"Da wane taki? Ka san kuɗin buhu yanzu? Kuma wa zai bar kasuwa ya yi noman farko da maimai?"

"Ni. Kai ka sa taki, ni na sa ƙarfi."

Suka yi shiru. Gaskiya ce ke bakin kowannensu, shi ya sa abin ya yi nauyi.

Sai Hajiya ta ɗaga labule. "Kun manta 'yan'uwanku mata biyu, da tumunina? Ba ku kaɗai ke da ita ba. Gobe a kira Kawu da malamin da zai raba."

Da asuba Yaya ya buga wa dillalin waya, ya ce ya dakata sai bayan kaka. Ƙanin kuwa tuni ya ɗaure fartanyar Baba a bayan babur.