Game da jan bik ɗinki a littafin Malam

Yamai, ranar Litinin

Ƙanwata,

Ina gajiya, ya aiki? Na karanta shafuka 40 na farko da kika duba a littafin Malam, ga su na maido miki tare da wannan takarda. Idonki yana da kaifi. Duk inda na'ura ta cinye ƙugiyar ɗ, ƙ da ɓ kin kama, kin maida "ch" da "ou" ɗin da hannun Malam ya saba da su tun lakwal zuwa "sh" da "u", kin haɗe "ya na" ya koma "yana", kin kuma sa "ƴ" yadda ƙa'idar rubutu ta ƙasarmu ta 1999 ta tanada. Wannan duka daidai ne, ki ci gaba a haka har shafi na 140.

Amma akwai wurare da yawa da na bi gyaranki na rubuta "a bar shi" a gefe, kuma ina son ki san dalili kafin ki shiga babi na uku.

Abin da Malam ya ba mu shi ne dubawa mai sauƙi. Da bakinsa ya ce a share masa ƙura, kada a taɓa ginin. Mutum ne da ya yi shekaru yana koyarwa tsakanin Keita, Buza da Illela kafin ya zauna Tawa, ya san daidaitacciyar Hausa sarai, ya koyar da ita. In kin ga ya rubuta "munka tahi", "gidanai", "wagga shekara" ko "kwana biyat", ba rashin sani ba ne. Bakin Adar ne, kuma da shi ya zaɓi ya ba da labarin yunwar 1984, don da shi aka yi kukanta. Daidaitacciyar Hausa an ɗora ta ne a kan karin Kano, wannan bai maida sauran kare-karen kuskure ba. Ƙamus ɗin Bargery ma, tun 1934, ya tattara kalmomin Sakkwato da Katsina da na wasu wurare ya ajiye su kusa da na Kano. Yana nan bisa kantar buro, ki riƙa buɗawa kafin ki ja layi.

Dubi shafi na 12. Malam ya rubuta: "Gari ya tahi biɗa, ya bar gidaje zaune." Kika maida shi: "Mazan garin sun tafi ci-rani, suka bar iyalansu a gida." Jimlarki ba ta da aibi ko kaɗan, kowa zai iya rubuta ta. Tasa kuwa shi kaɗai zai rubuta. Wanda ya taɓa shiga ƙauyen Adar bayan girbi, lokacin da samari suka hau mota zuwa Abijan, ya ga tsofaffi da mata da yara kawai a ƙofar gida, ya san cewa garin ne da gaske ya tashi. Na karanta layin nan sau biyu ranar da littafin ya zo, sai da na ajiye takardar na yi jim. Ba zan yarda ya fita daga littafin ba.

Haka shafi na 17: "Munka jira ruwa. Munka jira ruwa. Ruwa bai zaka ba." Kin soke jimla ta biyu, kin ɗauka na'ura ce ta maimaita. Yana da kyau ki yi wannan zaton, don maimaicin kuskure yana faruwa sosai. Sai dai in kika karanta shi da ƙarfi za ki ji tsawon jiran a cikin maimaicin. Na kuskure yakan faɗo a tsakiyar layi ko a ƙarshen shafi, kalma ɗaya sau biyu babu ɗigo. Wannan kuwa cikakkiyar jimla ce da ɗigonta.

Ga yadda nake yi ni. In wani wuri ya tsaya mini a rai, nakan tambayi kaina wace ƙa'ida ce aka karya, in kira sunanta: jinsi bai dace ba, an sa "ne" inda "ce" ya kamata, an raba kalmar da ake haɗewa, an manta alamar tambaya. In na iya kiran sunan, na gyara ba shawara. In kuwa iyakar abin da zan iya faɗi shi ne "ni ba haka zan ce ba", to hannuna ya tsaya, domin ba littafina ba ne. Bayan haka sai in duba ko marubucin yana yin abin a ko'ina. Abin da ya zo sau ɗaya yana iya zama tuntuɓen alƙalami. Abin da ya zo daga shafin farko har na ƙarshe ɗabi'arsa ce.

Na ga abin da kika rubuta a gefen shafi na 23, cewa mai karatu a Kano ko Zariya zai ɗauki "ɗiyanai ukku" a matsayin ƴaƴa mata, kuma ba zai san "dala ashirin" faran 100 ba ne. Damuwarki tana da tushe, ban raina ta ba. Da littafin karatu ne na ƴan lakwal, inda yaro ke koyon rubutu daga abin da ya gani, da na goyi bayanki mu daidaita komai. Wannan kuwa tarihin rayuwar dattijo ne. Layi biyu a ƙasa ya ambaci sunayen ɗiyan, biyu maza, don haka mai karatu ba zai ɓata ba. Batun dala, sai mu roƙi Malam ya yarda a sa ɗan bayani sau ɗaya a ƙasan shafin da ta fara fitowa.

Akwai kuma wuraren da ba na gyarawa ba ne, ba na bari ba, na tambaya ne. A shafi na 31 ya rubuta: "Kawu ya tarda direba bakin tasha, ya ce ba ya tahiya sai an biya shi." Wa ya ce? Kin sa "direban ya ce", kuma wataƙila kin yi daidai, amma a shafi na 29 kawun ma yana bin wani kuɗin awaki. In muka zaɓa masa, muna iya sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Irin wannan ki sa alamar tambaya da fensir, ki rubuta lambar shafin a takarda daban. Haka nan "tafi" da ya ɓullo a wurare huɗu cikin babi na biyu alhali ko'ina "tahi" yake rubutawa. Na lura uku daga ciki a bakin wani ɗan kasuwa Bakano suke, to mai yiwuwa da gangan ne. Na huɗun ne kawai nake shakka. Ki sa shi cikin tambayoyin.

In za ki rubuta tambayoyin, ki tuna sa'an mahaifinmu ne. Kada ki ce "wannan ba daidai ba ne". Ki ce: "Baba, a nan haka kuke nufi, ko na'ura ce ta canza?" Zai amsa miki da daɗin rai, wataƙila har ya ƙara miki da labarin da bai shiga littafin ba.

Ki goge gyare-gyaren da na yi wa alama, ki ƙarasa babi na uku da na huɗu, ki kawo mini su da takardar tambayoyin ranar Alhamis da hantsi. Malam zai shigo Yamai ranar Asabar ganin likitan ido, ya ce zai biyo ta buro bayan la'asar, kuma ina son ke ce za ki zauna da shi ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

A gaida Inna da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki