Neman Sauya Ranar Ganawa da Yallaɓai Darakta

Kwamitin Dillalan Kayan Gwari,
Kasuwar Mile 12,
Ƙaramar Hukumar Kosofe, Legas.
Litinin, 26 ga Janairu, 2026.

Zuwa ga Darakta mai kula da dakon kaya,
Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya,
Ebute Metta, Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka, shugaban kwamitinmu da dattawan kasuwa ne suka umarce ni da in rubuto maka a kan ganawar da ka amince za ka yi da mu game da dakon kayan gwari daga Arewa ta jirgin ƙasa, ranar Talata, 3 ga Fabrairu, da ƙarfe 11 na safe. Muna roƙon alfarma a ɗaga ta zuwa wata rana, kuma ga ranaku biyu da muke gabatarwa, ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi:

Alhamis, 5 ga Fabrairu, da ƙarfe 2:30 na rana.

Ko kuma Talata, 10 ga Fabrairu, da ƙarfe 11 na safe.

Ga abin da ya faru. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, lauyanmu ya kawo mana takardar kotu. Akwai shari'a da muke yi da wani mai motocin dako a Babbar Kotun Jiha da ke Ikeja, a kan kayan mutanenmu da suka lalace a hanya, kuma an sa ranar 3 ga Fabrairu don sauraren shaidu. Shaidun kuwa su ne shugabanmu da ma'ajinmu. Kotu tana zama da ƙarfe 9 na safe, amma ka san yadda abin yake: ba mai iya cewa ga lokacin da za a kira ƙararka. Ana iya kiranka da farko, ana iya barinka a benci har azahar. Ko da an sallame su da ƙarfe 10, daga Ikeja zuwa Ebute Metta a ranar aiki, ba wanda zai yi maka alkawarin sa'a ɗaya. Mun tambayi lauya ko zai nemi a ɗage zaman, ya ce bai ba mu shawarar haka ba, domin mu ne masu ƙara, kuma mutanen da suka yi asara sun daɗe suna jiran wannan rana.

Mun zauna ranar Asabar da dare mun duba ko za mu turo wakilai su zo a ranar da ka sa, don kada a taɓa jadawalinka. Wasu sun goyi bayan haka, suna cewa ba a samun ganin babban mutum kullum, in an samu ba a wasa da shi. Ni da dattawa ba mu yarda ba. Maganar da za mu kawo maka magana ce ta kuɗi da alkawari. In ka tambaye mu tarago nawa za mu iya cikawa a mako, ko wa zai ajiye kuɗin kafin alƙalami, ko wa zai ɗauki asara in kaya suka kwana a tasha, mutum biyun nan ne kaɗai za su iya ba ka amsa a take, kasuwa ta tsaya a kanta. Duk wanda muka turo ba su ba, abin da zai ce maka shi ne "sai na koma na faɗa wa shugaba". Wannan ɓata maka lokaci ne, kuma a ganinmu ya fi neman ɗagewa zama rashin ladabi.

Bari in ɗan yi bayanin ranakun, don ka ga abin da ya sa muka zaɓe su.

Alhamis ranar shara ce a kasuwannin Legas, ba a buɗe ciniki sai ƙarfe 10 na safe. Motocin da suka iso cikin dare sukan yi jira, in an buɗe kuma sai a yi ta sauke kaya ba ji ba gani har wajen sha biyu, shugaba ba ya iya barin wurin a wannan lokaci. Shi ya sa muka ce da rana. Za mu taso da sha biyu da rabi, mu bi titin Ikorodu ta Ojota da Maryland da Jibowu, mu yi azahar a nan kusa da ku, mu shigo ofis kafin biyu da rabi, in Allah ya yarda. Matsalarta ɗaya ce, lokacin gajere ne, ga la'asar ga tashi daga aiki. In minti 45 za ka iya ba mu, ya ishe mu.

Talata 10 ga wata kuwa ita ce ta fi kama da ranar da ka sa da farko, rana ɗaya, lokaci ɗaya, mako guda ne kawai tsakani. In za a bi son ranmu, ita muka fi so, domin kafin nan mutuminmu da ke kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a jihar Kano zai iso Legas, kuma shi ne ya san ɓangaren lodi: ƙarfe nawa ake gama tsinka a gonakin Kadawa da Kura, ƙarfe nawa kaya ke haɗuwa a kasuwa, da nawa ake biya a kai su cikin Kano. Amma zaɓi naka ne, yallaɓai. Duk wadda ka ɗauka, mun karɓa.

Ba mu sa Litinin ba saboda ranar da kaya suka fi yawa ce a wurinmu, ba mu kuma sa Juma'a ba saboda masallaci.

Abin da muke roƙo shi ne kada ɗagewar ta wuce tsakiyar Fabrairu. Ana sa ran azumi wajen 18 ko 19 ga wata, gwargwadon ganin wata, kuma in ya shigo, kasuwa takan rikice da ciniki, dattawanmu da yawa kuma sukan tafi gida Arewa sai bayan salla. Na biyu, yanzu ne kakar tumatirin rani. Daga Janairu zuwa Maris ne kaya suka fi yawa daga Kano da Jigawa da Danja da Zariya, har farashi yakan faɗi a gona manomi ya rasa kuɗin kwando. In akwai gwajin da za a yi na tarago ɗaya ko biyu, a wannan lokaci ne zai yi ma'ana. Da zarar zafi ya shigo, tumatir ya ja baya, sai mu jira wata shekara.

Don kada mu zo mu fara daga farko, ga abubuwan da muke son jin bakinka a kai, ko ma'aikatanka za su iya shirya bayani kafin ranar.

Na farko shi ne tsohon layin dogo, wanda ya tashi daga Iddo ya bi ta Agege, Abekuta, Ibadan, Offa, Ilorin, ya haye kogin Kwara a Jebba, ya wuce Mokwa da Minna da Kaduna da Zariya har Kano. Tun 1911 dogo ya isa Kano, kuma shi ya kawo kakannin da yawa daga cikinmu Ikko da shanu da gyaɗa, suka koma da goro. Muna son sanin halin da yake ciki yanzu daga bakin wanda ya sani, ba daga jita-jitar tasha ba: wane yanki ne jirgin kaya ke iya bi, kuma in an loda a Kano, awa nawa za a yi kafin a sauke a Legas. Awa muke tambaya, ba kwana ba. Albasa tana jure tafiya, busasshen barkono ma haka, amma tumatir da tattasai da attaruhu ba sa jira. Tirela takan yi kwana biyu, in an samu cikas a hanyar Mokwa zuwa Jebba ta yi uku, kuma kwandunan ƙasa sukan iso sun zama ruwa. In jirgi ba zai riga mota ba, to sai mu fara gwajin da albasa, mu bar tumatir sai an samu tarago mai sanyi.

Na biyu, sabon layin Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a watan Yunin 2021. Mun san faɗinsa ba ɗaya ba ne da na tsohon layi, tarago ba ya tashi daga wannan ya hau wancan. Amma wasu daga cikinmu suna tambaya ko zai yiwu mota ta sauke a tashar Moniya da ke Ibadan, jirgi ya ƙarasa da kayan. Ni dai ina shakka, domin kowace saukewa da lodawa asara ce ga ɗanyen kaya, amma ba zan hana su jin amsa daga gare ka ba.

Na uku, wurin saukewa. Mile 12 ba ta kan dogo. In kaya sun sauka a Agege ko Ebute Metta ko Iddo, sai an sake ɗaukar su a ƙananan motoci, kuma wannan kuɗin zai hau kan kuɗin dako. Muna son mu yi lissafin tare da mutanenka, kada mu yi wa 'yan kasuwa alkawarin sauƙin da ba zai tabbata ba. Haka kuma maganar kwando da kiret na roba. Kiret yana hawa kan ɗan'uwansa ba tare da ya danne kaya ba, ya kuma fi dacewa da tarago, sai dai dole a mayar da shi Arewa fanko, kuma ba mu san yadda hukumarku ke cajin irin wannan dakon ba.

Mu biyar ne za mu zo: shugaba, ma'aji, dattijo ɗaya daga ɓangaren albasa, mutuminmu na Kano in ranar 10 ce, da ni. Za mu zo da littafin da muke rubuta motocin da suka shigo a kakar bara da ta bana, don ka gani da idonka. Ranar da aka tsayar, zan aiko wa sakatarenka sunayenmu da lambar mota saboda masu gadin ƙofa.

In duka ranakun biyu sun ci karo da wani aiki naka, ka sa mana duk ranar da ka ga dama kafin azumi, ban da 3 ga wata da Juma'a, ko da sassafe ne, za mu gyara namu. Zan kira sakatarenka ranar Laraba, 28 ga Janairu, da hantsi, in ji abin da ka yanke, don mu sanar da na Kano ya shirya tafiya.

Muna ba da haƙuri a kan wannan ɗawainiya da muka jawo wa ofishinka, muna kuma godiya da ka ba mu lokaci tun farko. Shugaba da dattawa suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Garba,
Sakataren Kwamiti,
a madadin shugaba da dattawan kwamiti.