Takardar neman canjin kwas daga Tattalin Arziki zuwa Hausa

14 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Harsunan Nijeriya,
Tsangayar Fasaha.

Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta maka. Da fatan ka yini lafiya, ya aiki ya kuma fama da mu.

Sunana Nafisa Lawal Mafara, ɗaliba a Sashen Tattalin Arziki, yanzu na gama aji ɗaya, lambata ECO/24/0417. Ban san ko Malam zai tuna ni ba don muna da yawa sosai, amma ni ce wadda ta tsaya bayan lakca a samista ta farko na tambaye ka me ya sa ake rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya alhali ba haka ake furta su ba, ka ce in je in karanta tsawon wasali in dawo. Na je na karanta, dawowar ce dai ban yi ba sai yau, kuma da roƙo na dawo. Ina neman a karɓe ni a sashenku in karanta Hausa daga wannan zangon da za a shiga.

Jiya na shiga ofis ɗinka ban same ka ba, aka ce kana mitin, sakatare ya ce in rubuto. Akwai takardar turanci da na haɗa da fom, wannan kuwa na ga gara in yi ta da Hausa don in faɗi komai yadda yake.

Malam rizol ɗina bai yi kyau ba, ba zan ɓoye ba tunda za ka gani. Samista ta farko na samu GPA 2.11, ta biyu na sauko 1.72, CGPA ya tsaya 1.92. Ban kai ga furobeshin ba alhamdulillahi amma ni na san inda na dosa in aka ci gaba a haka. Ina da kari'oba uku kuma duk na lissafi ne, MTH 101 na ci 31, MTH 102 na ci 27, sai Kididdiga ita ma F. ECO 101 na samu D, ECO 102 kuwa E da maki 41, wato da ƙyar na tsallake. To a cikin wannan takardar dai, kwasa-kwasan Hausa biyu da na ɗauka na zaɓi na ci 74 da 78, duka A, GST 111 kuma B. In aka cire waɗannan ukun ban san me zai rage ba.

Kuma wallahi ba wasa na yi ba. Ban taɓa fashin lakcar lissafi ba, ina zuwa tutoriyal na masallaci duk Asabar, har kuɗi na biya wata 'yar aji uku tana koya min a hostal da daddare. A gabanta sai in ga kamar na gane, ina shiga ɗakin jarrabawa aka ɗan juya tambayar shi kenan kaina ya kulle, ranar MTH 102 tambaya ɗaya da rabi na amsa na zauna ina kallon silin har aka ce a ajiye biro. Na duba kwasa-kwasan da ke gaba na ga lissafin ƙaruwa yake, akwai na aji biyu da ba za a ma bari in yi rajistarsu ba sai na ci waɗanda na faɗi, a aji uku kuma ga Ikonometiriks yana jira. Lebul kodineta ɗinmu da kanta ta zaunar da ni ta ce Nafisa ki yi wa kanki gaskiya tun da sauran lokaci.

Dama can ba ni na zaɓi kwas ɗin ba. Baba ne yake son in yi aikin banki, shi ɗan kasuwar hatsi ne kuma yana ganin duk wanda ya karanta tattalin arziki ya gama da talauci, ranar cike JAMB yayana ne ya je kafe ya zaɓa, ni dai hoto da yatsa kawai na bayar. Da rizol ya fito na kai masa, ya daɗe yana kallon takardar duk da ba ya karanta boko sosai, F ɗin dai ya gane su. Ya tambaye ni, to Hausar da kike ji tun a goye ita za ki je jami'a ki koya? Na yi masa bayanin fassara da aikin rediyo da koyarwa, na ce labaran da yake saurara kullum da asuba wasu ne suke zama su fassara su kuma albashi ake biyan su. Bai ce komai ba sai bayan kwana uku ya kira ni ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ya sa hannu a takardar amincewa, tana cikin fayil ɗin.

Kada Malam ya ɗauka gudun wahala ne ya kawo ni, na san ana yi wa sashenku wannan kallon, wai mafakar waɗanda suka faɗi, kuma abin yana ba ni haushi don na ga yadda karin sauti ya kayar da mutane a ajinmu, 'yan Kano da Katsina da suke ganin a gida suka baro Hausa. Ni abin da ya kama ni karin harshe ne. Kakata Bazamfara ce, ba ta cewa fara sai hwara, ba ta cewa mene ne sai mi na na, tun ina ƙarama ake min dariya a makaranta in na kwaikwaye ta, sai a ajinka na fara jin cewa wannan abin nazari ne mai ƙa'ida. Hutun da ya wuce na ɗauki muryarta a waya, tatsuniyoyi 23 da waƙoƙin daka 9, na rubuta 11 a littafi yadda ta faɗe su ban gyara mata ko kalma ba. In Malam yana so zan kawo ya gani.

Akwai matsala guda da gara in faɗa da bakina. A UTME ban rubuta Hausa ba, Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki da Gwamnati na yi, na ci 214. Amma a WAEC ina da kiredit bakwai a zama ɗaya, Hausa A1, Turanci C4, Nazarin Addinin Musulunci B2, Lissafi C6. Ina roƙon a dubi A biyun da na samu a nan sashen a madadin wancan. In kuma sharaɗin shi ne in koma aji ɗaya na yarda, shekara ɗaya ba ta kai in yi huɗu ina jan kari'oba ba. Na kuma san sai na je ofishin JAMB an gyara kwas ɗin a takardar admishan ɗina don kar a samu cikas lokacin bautar ƙasa, zan yi da zarar an amince.

Na sayi fom ɗin canjin kwas na cike, shugaban sashenmu ya sa hannu ya sake ni ranar Alhamis da ta wuce, saura sa hannunka sannan ya wuce wurin Din, daga nan ofishin rijistara. Ranar Juma'a 24 ga wata za a rufe karɓa, shi ya sa nake ta sintiri. Na bar fayil ɗin wurin sakatare, a ciki akwai fom, rizol na samista biyu, kwafin WAEC da na JAMB, rasit na kuɗin fom da takardar Baba. In akwai gwaji ko intabiyu da za a yi min a shirye nake ko gobe ne, ina cikin makaranta ban tafi gida ba, kuma zan sake leƙowa ofis ranar Alhamis da ƙarfe goma in Allah ya kai mu.

Na gode Malam, Allah ya ƙara girma ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
Nafisa Lawal Mafara