Tattaunawa kan sakamako: titireshan na HCl da NaOH

A lissafi dai, tunda mun ɗebi 25.00 cm³ na HCl mai 0.100 M, kuma kwalbar NaOH ɗin ma 0.100 M aka rubuta a jikinta, ya kamata kalar fenolfitalin, sinadarin da ke nuna ƙarshen titireshan, ta juya idan an zubo 25.00 cm³ na NaOH daga buret, don mol ɗaya na asid mol ɗaya na NaOH yake ci:

HCl + NaOH → NaCl + H₂O

Amma ba haka buret ta nuna ba. In aka ajiye gwajin farko na lalube, mun samu 26.35, 26.40 da 26.45 cm³, matsakaici 26.40, wato an haura da 1.40 cm³, kashi 5.6 cikin ɗari kenan.

Abin lura shi ne ukun nan sun yi kusa da juna sosai, tazararsu 0.10 cm³ ce kawai, to da matsalar daga hannu ko ido take da sun warwatsu, wani sama wani ƙasa. Kuskuren karanta buret bai wuce ±0.10 cm³ ba in an haɗa karatun farko da na ƙarshe. Zarcewa ma ba za ta kai haka ba, ɗigo ɗaya kusan 0.05 cm³ ne, sai an zuba ɗigo wajen 28 a banza kafin a cike wannan giɓin, alhali mun tsaya ne da ruwan hoda mai haske ya zauna bai ɓace ba bayan an kaɗa fulas. Fenolfitalin kuma yana juyawa tsakanin pH 8.2 da 10, a wurin nan pH ɗin tsalle yake yi cikin ɗigo ɗaya ko biyu, don haka shi ma ba shi ba ne.

Mu dai NaOH ɗin muke zargi. In aka ɗauka HCl ɗin daidai yake, ƙarfin NaOH ɗin na gaskiya (0.100 × 25.00) / 26.40 = 0.0947 M ne, ma'ana cikin 4.00 g da aka auna don lita ɗaya, 3.79 g ne kawai ya yi aiki. Ƙwayoyin NaOH suna jan danshi daga iska, ga shi damina ake, tun suna kan sikeli za ka ga sun fara sheƙi suna manne wa gilashi, to ruwan nan ma an auna shi a matsayin NaOH, sannan ruwan da aka haɗa yana zuƙar CO₂ ya zama Na₂CO₃ duk lokacin da aka bar kwalba a buɗe, wannan ma yana rage masa ƙarfi. Duka biyun sama suke tura karatun buret, daidai da abin da muka gani.

Wannan gwajin kaɗai bai isa ya wanke HCl ɗin ba, in ya fi 0.100 M ƙarfi haka sakamakon zai fito. Hanyar rabewa ita ce a gwada NaOH ɗin da busasshen KHP, wato potassium hydrogen phthalate, garin asid da ake tantance ƙarfin NaOH da shi, wanda aka auna da kyau, a kuma haɗa sabon NaOH da ruwan da aka tafasa ya huce a rufe, sai a sake titireshan ɗin.