Tsarin Abinci Ga Mai Ciwon Huhu Mai Tsanani

Majinyaci: namiji, shekara 67, tsawo mita 1.70, nauyi kilo 46. Buri: kalori 1,600 zuwa 1,800 da furotin giram 60 zuwa 70 a rana, ƙarin nauyi rabin kilo duk sati biyu.

Baba, a raba abincinka kashi shida ƙanana, bayan kowane awa biyu da rabi. Cikakken ciki yana tura tantanin da ke ƙarƙashin huhu sama, shi ya sa numfashi ke sarƙewa tun ba a kai rabin kwano ba. A huta minti 30 kafin ci, a fitar da majina, a zauna a miƙe, gwiwar hannu bisa tebur. Kada a cire robar iskar oksijin daga hanci. Ƙaramar loma, a ajiye cokali, a fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki.

Kowane ci ya ƙunshi ƙwai, kifi, niƙaƙƙen nama ko madara mai maiƙo, a zuba mai babban cokali ɗaya, wato kalori kusan 120. Ruwa sai minti 30 bayan ci, kuma ban da lemo mai gas.

A auna nauyi duk Litinin da safe. In ya ƙaru da kilo biyu farat ɗaya tare da kumburin ƙafa, ruwa ne ya taru, a ga likita ranar. Haka ma in ana ƙwarewa wajen haɗiya.