Tuwo mai laushi, babu gudaji babu ƙauri

Hauwa'u 'yata, ga bayanin tuwon da kika nema, na rubuta miki yadda nake yi a nan Jekadafari. Kin ce tunda kika tare a Bauchi kika koma girki da gas, tuwonki ko dai ya yi gudaji ko tukunya ta kama. Gas ba shi da laifi, sai dai harshensa wuri ɗaya yake duka a gindin tukunya, kuma ba ya lafawa da kansa yadda itace ke zama garwashi. Ke za ki riƙa rage shi da hannunki.

Fara da tukunya. Ki ajiye masu shara-sharan nan na jere, na dafa ruwan shayi ne. Ki sa a sayo miki tukunya mai kauri irin ta maƙera a kasuwar Muda Lawal, wadda tuwon ba zai wuce rabinta ba, don muciya ta sami wurin juyawa. In babu, ki ɗora tsohon kaskon suya mai faɗi a kan wutar, ki aza tukunyar a kansa, zai raba zafin.

Tuwon masara

Na mutum 4: gari kofi 4, ruwa kofi 10, da kofi ɗaya za ki auna duka. Masarar a surfe ta, a wanke, a shanya ta bushe sarai kafin a kai inji. Garin da ke da danshi tun a kwano yake dunƙulewa. In an dawo da niƙa ki baza shi ya sha iska, sannan ki tankaɗe da rariya mai laushi. Ko jiya kika tankaɗe, yau ma ki sake.

Ki ɗora ruwa kofi 8 ya tafasa sosai. Ki ɗebi kamar kofi 1 ki ajiye a gefe da zafinsa, za ki neme shi. Sai ki dama gari kofi ɗaya da rabi da sauran ruwan kofi 2, na sanyi, da hannu, har ki ji babu ko ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunki. Ki tsiyaya shi cikin tafasasshen ruwan a hankali, ɗaya hannun yana juya muciya, kada ki tsaya sai ya yi kauri kamar kunu. Wannan shi ne talgenki.

Abin da ya sa ake damawa da ruwan sanyi: gari in ya faɗa ruwan zafi a dunƙule, bayansa ne ke dahuwa nan take ya yi santsi ya rufe, cikinsa ya zauna a bushe, ruwa ba ya ƙara shiga. Gudaji ke nan. Ki fasa guda ɗaya ki gani, farin gari za ki tarar a ciki.

Yanzu ga inda yawancin yara ke ɓata tuwo. Talge yana son lokaci. Ki rage wuta zuwa tsaka-tsaki, ki rufe amma ki ɗan karkata murfin don kada ya yi bori ya zube, ki bar shi minti 15 zuwa 20, kina leƙawa kina bi da muciya har gindin tukunya. Zai daina warin ɗanyen gari, farinsa ya ɗan dusashe ya yi sheƙi, ki ji yana ɓal-ɓal yana tartsatsi, don haka ki kula da hannunki. A talge tuwo ke nuna. Garin da za ki zuba daga baya ɗaure shi kawai yake yi. Wadda ta yi gaggawa a nan, ko ta tuƙa har kafaɗarta ta sage, tuwonta zai yi gari-gari a baki, da safe kuma ya tsinke ya saki ruwa. Wasu na ɗiga ruwan kanwa a talgen don danƙo. Ni nakan sa cokali ɗaya in masarar ta kwana biyu a buhu; in ya yi yawa tuwon zai koma rawaya, ya yi warin kanwa.

Kafin gari ya shiga, ki mai da wuta can ƙasa. Kan itace da kike gani ina janye itatuwa in bar garwashi, wannan ne. Ki barbaɗa garin tafin hannu ɗaya ko'ina a saman talgen, ki tuƙa ya ɓace, sannan ki ƙara. Kada ki juye shi tuli guda a tsakiya. Tuƙin kuma ba zagaye kawai ba ne: ki jawo tuwon daga tsakiya ki murje shi a jikin tukunya ta wajenki, kina riƙe da kunnen tukunyar da tsumma, kina ɗan juya ta. Ba dole garin ya ƙare ba. Ki tsaya tun tuwon yana da ɗan sanyin jiki fiye da yadda kike so, domin in ya huce zai ƙara tauri.

Sai ki tattara shi tsakiya, ki yayyafa ruwan zafin nan da kika ajiye ta gefe-gefe ya gangara ƙasa, ki rufe ruf ya sulala minti 10 a ƙaramar wuta. Wannan ruwan ne ke tsare gindin tukunya. Ki buɗe ki sake tuƙawa sosai, ki kashe wuta, ki tsoma mara a ruwa ki kwashe. Ni na fi son malmala a kwano ko kula a kan ƙulla tuwo mai zafi a leda, amma na san ku yaran yanzu.

In duk da haka gudaji ya fito, kada ki ƙara gari. Yayyafa ruwan zafi, rufe minti 5 ya yi laushi, ki murje a jikin tukunya.

Tuwon shinkafa

Ki nemi shinkafar tuwo, fara wadda ba a turara ba, irin da ake masa da ita. Nan muna samun ta Dadin Kowa a Tudun Hatsi, ku ma ba za ku rasa ba. Shinkafar dafa-duka ba ta tuƙuwa, kada ki wahalar da kanki. Ki wanke kofi 3, ki jiƙa rabin awa, ki zuba a tafasasshen ruwa kofi 9. In ta tafaso ki rage wuta ki rufe, kada ki dame ta da juyi, juyin ne ke sa ta kwanta ta kama. Bayan kamar minti 30 ki ɗauki ƙwaya ki murza: in ta baje babu tsakiya, ta yi; in da saura, ƙara ruwan zafi, ba na sanyi ba. Ki tuƙa tun da ɗan damshi a jikinta, kada ki jira ta tsotse ƙarƙaf, sannan ki rufe ta sulala minti 5 ki sake tuƙawa. In ya yi ruwa, ki barbaɗa garin shinkafa kaɗan ya ɗaure.

In da garin shinkafa zalla za ki yi, hanyar masara za ki bi, sai dai ba a sa kanwa, talgensa minti 10 ya isa, kuma ya fi saurin kamawa, kada ki matsa daga wurin.

Ranar da kika ji ƙauri, ki kashe wuta nan take, kada muciya ta taɓa gindi. Ki kwashe na sama zuwa wata tukunyar ki ƙarasa a can. Ɗan ƙanzo ja-ja a ƙasa ba ƙonewa ba ne, yara ma rububinsa suke yi. Baƙin ne ke ɓata tuwo. Tukunyar ki zuba mata ruwa tun da ɗuminta ta kwana, da safe zai ɓanɓaro da kansa ba sai kin kankare ta da cokali ba.

Ki gaida maigidan. Kukar da kika ce, zan ba direba ranar Asabar.

Goggonki